Goma da Ɗigo Tara

A gidanmu Farfesa ake ce mini, kuma ni na jawo wa kaina. Shekara uku ke nan duk hutun da na koma sai na cika musu kunne da cewa fiziks ba wani abu ba ne, ruwan sha ne ga mai kai. Da wannan cika bakin na ja Auta, ƙanwata, ta bar abin da take so ta cike fiziks, ta biyo ni sashenmu. Umma har cewa ta yi hankalinta ya kwanta, yarinya tana hannun yayanta.

Mako na biyar da fara zangon farko, da safe, Auta ta tare ni a bakin sashe fuskar nan kicin-kicin. Ta zaro takardar canza kwas daga jakarta, a cike tsaf, ta ce yau ƙarfe huɗu ake rufe karɓa, kuma ita ta gama shawara. Dalilinta gwajin lilo ne, wanda kowane ɗan aji ɗaya yake fara cin karo da shi a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwallon ƙarfe ne a ɗaure da zare, ka ɗan ja shi gefe ka saki, ka auna lokacin da zai yi jeka-ka-dawo ashirin, daga nan ka lissafo ƙarfin jan ƙasa, wanda ake rubutawa da harafin g. Kowa ya san amsar tana wajen tara da ɗigo takwas. Auta ta yi sau uku a rana uku, kullum goma da ɗigo tara take samu, malamin da ke duba rahoto kuma ba ya rubuta mata komai sai "a sake". Ta ce wanda ya kasa lilo ai ba shi da abin nema a nan, ita ba ta gaji kaina ba.

Lambar nan kuwa na san ta kamar sunana. Amma na yi ta maza, na ce ta dai zo taron ƙarfe biyu tukuna. Shugaban ƙungiyar ɗaliban sashe ya ba ni minti goma in yi wa sababbi jawabi a kan yadda za su tsira daga zangon farko. Ta ce za ta zo, don hanyar ofishin da za ta miƙa takardar ce.

A lab ɗin aji ɗaya aka yi taron, saboda wani malami ya riga mu kama babban aji. Yara kusan sittin a kan dogayen kujeru marasa majingina, wasu a tsaye jikin kabad ɗin kayan awo, fanka ɗaya tana juyawa kamar an yi mata dole. A can baya Baba Mai Makulli yana zaune bakin teburinsa yana warware wata wayar lantarki. Shi ne ma'aikacin lab, ya fi wasu malamanmu daɗewa a sashen, kuma shekara uku ina canza hanya in na hango shi.

Shugaba ya gabatar da ni da kirari iri-iri, aka yi tafi. Na buɗe takardata na fara. Na ce kada wanda ya rubuta lamba tsirara ba ma'auni, don biyar kawai ba amsa ba ce, a faɗa mana mita ce ko daƙiƙa ce ko akuya. Aka yi dariya. Na ce kafin kowace jarrabawa mutum ya duba kalkuletarsa a digiri take ko a radiyan, don na san wanda ya yi awa biyu yana lissafi mai kyau a kan amsar banza. Na ce fiziks ba a karanta shi a kwance kamar littafin labari, da biro da takarda ake yinsa, tambaya biyar kowace rana ta fi hamsin a jajibirin jarrabawa. Suna ta rubutawa kamar ina karanto musu amsar jarrabawa, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Sai na dubi Auta. Tana layi na uku, jaka a cinya, ba ta rubuta ko harafi ba, agogon bango take kallo. Duk abin da na faɗa ta sani, ta ji shi a gida har ya gundure ta. Na ga dai in na ci gaba a haka za a tafa mini, ita kuma ta wuce ofis. Na ninke takardar na sa a aljihu.

"Akwai abin da ban rubuta a takardar nan ba," na ce. "Ni ɗin nan da kuke gani, na faɗi kwas ɗin lab a zangona na farko. Sai da na maimaita shi."

Shugaba ya dube ni kamar na taka masa ƙafa. Ban yarda na kalli layi na uku ba, na ci gaba da ba su labari yadda ya faru. A gwajin lilo na samu goma da ɗigo tara, na sake, na kuma samun ta. Maimakon in tambaya, sai na zauna da kalkuleta na bi lissafin ta baya, daga tara da ɗigo takwas da ɗaya na ƙirƙiro lokutan da za su ba ni ita, na goge na gaskiya na rubuta su. Awo biyar, duk daƙiƙa arba'in da ɗigo ɗaya, ba wanda ya kauce. Baba Mai Makulli ya karɓi littafin, ya duba, ya ce shekara ashirin yana ba yara agogon awo bai taɓa ganin yatsan da ke danna shi daidai sau biyar a jere ba, ko dai ni injin ne ko maƙaryaci. Aka ba ni sifili, na yi zuciya na daina shiga lab, kwas ya tafi da ni.

Yanzu dariya suke yi sosai, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. Wani dogo a gaba ya ɗaga hannu ya tambayi abin da nake tsoro, wai to me ya jawo goma da ɗigo taran. Na ce wallahi har yau ban sani ba. Da na maimaita, abokin aikina ne ya yi awon ni na yi rubutu, muka wuce, ban ƙara waiwayar lilo ba.

Daga baya aka ji kujera ta yi ƙara. Baba Mai Makulli ya taso ba gaggawa, ya ɗauko sandar rataya da zare da ƙwallo ya kafa a teburin gaba, ya auna mita ɗaya cif, ya miƙo mini agogo.

"Farfesa, bismilla," ya ce. Ashe har sunan ya kai masa.

Ba yadda na iya. Na ja ƙwallon kaɗan, na sake shi tare da danna agogo, na ce ɗaya. Ya je ya dawo, biyu. Yara suka kama ƙirgawa tare da ni kamar 'yan firamare, har muka kai ashirin na tsayar. Daƙiƙa talatin da takwas da ɗigo ɗaya. Dogon nan ya danna kalkuleta ya sanar da murya mai daɗi cewa goma da ɗigo tara ce, ɗakin ya kece da dariya. Na tsaya riƙe da agogo, ɗan ajin ƙarshe guda.

"Yaya, sake saki in gani."

Auta ce. Ta taso har gaban tebur, ta bar jakar a kan kujera. Na sake ja, na saki, na ce ɗaya.

"Tsaya. Ɗayan me? Ai bai je ko'ina ba tukuna." Ta kama ƙwallon da hannunta. "Lokacin da ka saki, sifili ne. Sai ya je ya dawo sannan ya yi ɗaya. Sha tara kake aunawa kana rabawa da ashirin."

Ta faɗa, sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta rufe baki da hannu, ta zaro ido, don ita ma haka take yi. Kuma ta san inda ta koya, ni ma na sani: a tsakar gidanmu lokacin hutu, da dutse a zaren ɗinkin Umma, ni da kaina na nuna mata yadda ƙwararru suke yi.

Baba Mai Makulli ya juya ga yaran ya yi musu bayani a taƙaice. Ya ce kuskure iri biyu ne. Akwai na rawar hannu, yau ka ɗara gobe ka gaza, wannan maimaitawa da ɗaukar matsakaici suna rage shi. Akwai kuma wanda yake zaune a cikin yadda kake aikin, shi ko sau ɗari ka sake zai ba ka amsa ɗaya, kyakkyawa, karkatacciya. In ka ga lamba ta nace maka, kada ka goge ta, ka kira wani ya tsaya ya kalli hannunka. Sannan ya nuna ni da haɓa ya ce tun ranar farko ya ji ni ina ƙirgawa daga inda yake zaune, jira yake in zo in tambaya, bai san zai yi jiran shekara uku ba.

Na yi dariya tare da kowa, amma maganar ta shige ni. Na ji kunya, na kuma ji wani sauƙi da ban taɓa ji ba tun da na shigo makarantar nan.

Taro ya watse wajen uku da rabi. Minti gomana ya zama awa da wani abu, Shugaba ya ce ba zai ƙara gayyatata ba, amma yana faɗa yana dariya. Yara suka yi layi a teburin Baba da littattafansu, kowa da lambar da ta hana shi sakat. Auta ba ta bi layi ba. Ta roƙi a bar mata lilon, ta ja kujera ta zauna, ta buɗe sabon shafi.

Na matso na ce mata a hankali, in har ofis za ta je, lokaci yana tafiya. Ban so ta tsaya don kunyata ba. Ba ta ko ɗago ba, tana ja wa shafin layi.

"Shekara uku kana bari muna ce maka Farfesa," ta ce. "Da ka faɗa mini tun da safe, da ban yini ina ganin ni kaɗai ce daƙiƙiya a gidanmu ba."

Gaskiya ta faɗa. Na ce ta yi haƙuri, kuma har zuciyata nake nufi.

Ta yi awo biyar, ba wanda ya zo daidai da ɗan'uwansa, lissafi ya ba ta tara da ɗigo bakwai. Bakina har ya buɗe zai ce saura ƙiris, ta harare ni na haɗiye. Ta rubuta tara da ɗigo bakwai da biro, ta ja layi biyu a ƙasa. Sannan ta rage zaren zuwa santimita tamanin don awo na gaba, ta turo mini littafin.

"Kai rubuta," ta ce. "Ni zan ƙirga."