Wayar Najiba Ta Ƙi Yin Shiru

Najiba 'yar Inno ta rasu da kaka a Tsiga, amma wayarta ba ta sani ba. Tana ajiye kan kantar ɗaki cikin kwanukan Inno, bini-bini sai ta yi gurnani, kwanukan su ɗauka.

Mahadi, wan marigayiyar, shi ya yi wa uwar bayani. Kafin ta kwanta ciwon ajali, Najiba ta ɗauki kanta tana ɓarar masara tana waƙa, ta ɗora a Tiktok, ta bar duwet a buɗe. Wato kowa ya ga dama sai ya jera hotonsa gefen nata, tana bayarwa yana amshi. Wasu kuma su gutsuri farkon su ɗinka da nasu, shi ne sitic. Duk wanda ya yi, sunanta na manne a jiki, sai a sanar da wayarta.

Ya nuna mata ɗaya. Ga Najiba a dama tana dariya, ga wani mai gyaran babur a hagu yana kashe mata ido.

"Ya san ta rasu?"

"Ina zai sani, Inno?"

"To wa ya ba shi izini?"

"Ita. Barin sa a buɗe shi ne izinin."

"Mai rai ce ta bayar. Ka raba min ita da mazan nan, yarinya ta kwanta."

Ku ji fa, mai shafi kaɗai ke iya rufewa, lambar buɗe wayar kuwa tana kabari. Sai da suka je Funtuwa gidan aminiyarta Ummukulsum, ta faɗi lambar tana kuka. Mahadi ya rufe duwet, amma tsofaffin suna nan. Ya lalubo inda ake goge duk waɗanda ke haɗe da nata, ya goge.

Kwanuka suka yi tsit. Inno ta yi hamdala.

Ran nan da la'asar tana shanya barkono, sai waƙar ta tsallako katanga daga wayar maƙwabta. An sa mata kiɗa, an ƙara mata gudu, muryar ta sirance. Mahadi ya leƙa ya dawo da bayani. Wani Zubair ne ya sauke bidiyon tun tuni, ya cire muryar ya yi rimis, ya ɗora a shafinsa. Yanzu sunansa ne a kan sautin, babu abin da ya haɗa shi da wayar Najiba.

"Zan kai ƙararsa, Inno, sai dai fa a jira."

Inno ba ta jin sa. Barkono na zuba daga hannunta.

"Wannan ba ta bana ba ce," ta ce a hankali. "Haka muryarta take lokacin da take famfarar haƙora."

Waƙar ta ƙare, ta sake farawa. Inno ta nufi bakin zaure tana gyara zani, kamar mai zuwa kiran yaro daga wasa.