Shafin Filibus

Ni mutum ne mai mantuwa, amma ba na manta wanda ya ɓata mini rai jiya. Da wannan baiwar na yi shekaru ina rubuta rahoton ƙarshen shekara na ma'aikatan garejin wata ma'aikatar gwamnati a Sakkwato. Idan Disamba ta zo sai in rufe ofis, in dubi silin, abin da ya faɗo mini a rai in rubuta. Abin da ke faɗowa kuwa bai taɓa wuce makonnin baya ba.

Manyan makanikaina biyu ne: Filibus, mutumin Zuru da ke zaune a Tudun Wada, da Hayatu na Ƙofar Kware. A lokacin kuɗin mai sun shigo, ana ta sauke mana sababbin motoci, direbobi na ta kashe su.

Farkon 1975 Filibus ya shigo ofishina yana goge hannu da tsumma.

"Oga Na'Allah, bara ka rubuta mini sakaci saboda birki ɗaya."

"Birkin ya tsinke ko bai tsinke ba?"

"Ya tsinke. Amma sauran shekarar ina gari, ban yi tafiya ba. Don Allah bana ka riƙa rubuta aikina lokacin da na yi shi. Mai kyau da marar kyau."

Na dube shi da kyau. Wane ma'aikaci ne zai roƙi a sa masa ido? Ko dai yana da wani a hedkwata, ko yana sayar da kayan gyara a bayan fage yana neman ya rufe mini baki da ladabi. Na ce masa to, a raina kuwa na ce zan rubuta har sai na kama ka.

Na buɗe wa Filibus shafi a wani littafi. Kowace Alhamis sai in zauna in sa kwanan wata, da motar da ya taɓa, da yadda ta kasance bayan ta fita. Na riƙa leƙa sito bayan ya tashi. Na tambayi direbobi a kaikaice. Hayatu ya gan ni ina laɓe bayan wata tifa, ya ce, "Maigida, mi kaka biɗa nan? In inuwa ta, ga benci can."

Ban kama kowa ba. Wajen ƙarshen shekara soja suka fara sallamar ma'aikata, kullum rediyo na karanta sunaye. Aka aiko mana cewa cikin manyan makanikai biyu ɗaya zai tafi, kuma rahoton bana za a duba.

Ana cikin haka, a Nuwamba, motar babban sakatare ta mutu a hanyar Birnin Kebbi, kwana ɗaya bayan Filibus ya gyara ta. Sakatare ya iso a bayan motar albasa. Abin da ya gaya mini ba na littafi ba ne. Na ce madalla, dama na san akwai wani abu.

Sabon tsari ya ce sai ma'aikaci ya ga rahotonsa ya sa hannu. Filibus ya karanta nasa a tsaye, ya ajiye biro.

"Oga, wannan rahoton Nuwamba ne. Ina na shekara?"

"Kai za ka koya mini aiki?"

"Wane ni. Littafinka ne, hannunka ne. Ka fara daga farko kawai. In ka gama ka ce in tafi, yarana huɗu za su ji daga bakina."

Na buɗe don in nemo abin da zan rufe masa baki da shi. Fabrairu, ya tayar da tankar ruwa da aka riga aka yanke wa ƙauna. Afrilu, ya ƙi karɓar tayoyi daga ɗan kwangila don sun tsufa, ni a gefe na rubuta, "A bincika, wataƙila sun saɓa kan rabo." Yuli, ya kai motar asibiti Argungu cikin ruwa, direba ba lafiya. Akwai makara biyu, akwai faɗa da mai sito. Duk na manta, har faɗan.

Na yaga rahoton na sake wani, wata bi wata. Motar sakatare ta samu layi ɗaya, daidai girmanta. Da aka kira ni gaban kwamitin sallama, sakatare yana ciki, ya ga sunan Filibus ya ce, "Wannan ba shi ne ya ajiye ni a daji ba?" Na tura masa littafin. Ya daɗe yana juya shafi. Filibus ya tsira. Har yau in zancen adalci ya tashi a majalisar hira, nakan gyara zama in ba da labarin nan.

Hayatu aka sallama. A rahotonsa na rubuta cewa yana yawan makara, don ya makara sau biyu a Disamba. Ban taɓa buɗe masa shafi ba, saboda ban taɓa zarginsa da komai ba.