Mashin na Mako-Mako

Ran da Labbo ya ɗauko mashin daga shagon Alhaji Mamuda a Anka, bai tambayi komai ba sai abu ɗaya: nawa zai riƙa kawowa duk Juma'a? Aka ce dubu talatin. Ya ajiye dubu ɗari biyu na kafin alƙalami, ya dangwala yatsa a takarda mai shafi uku, ya ninke ta ya cusa a aljihu. Labbo ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma boko ko sunansa ba ya ganewa. Kuma ga girman kai, ba zai tsaya gaban mutane ya ce a karanta masa ba.

Mako ashirin yana kabu-kabu tsakanin Anka da Bagega, bai taɓa saɓawa ba. Sai damina ta kankama, hanya ta zama taɓo, fasinja suka ɗauke ƙafa, ga gonar gero tana neman noma. Labbo ya jingine mashin a zaure ya ɗauki fartanya. Hankalinsa kwance yake, domin tun tasowarsa haka ya ga ana yi: wanda ya ci bashi da damina, da kaka yake biya. Mai taki yana jira, mai shago yana jira, to Alhaji me zai hana shi jira?

Juma'a uku suka wuce. Ranar Asabar saƙon Alhaji ya iso: ya kawo dubu casa'in kafin azahar ɗin gobe, ko ya kawo mashin.

Sai a lokacin ya tuna da takardar. Ya kai wa ƙanwarsa Naja'atu, wadda ke aikin ba da kati a asibiti. Ta karanta shafin farko, ta jawo waya tana danne-danne.

"Yaya, ka san nawa na kuɗɗin mashin ɗin ga, in hannu da hannu na?"

"Miliyan guda da dubu ɗari biyu, haka Alhaji yac ce."

"To kai mako hamsin da biyu za ka yi kana biya. In an haɗa da kahin alƙalami, miliyan guda da dubu ɗari bakwai da sittin ke nan. Ƙarin dubu ɗari biyat da sittin hwa."

Labbo ya dake. "Ai na biya dubu ɗari takwas. Ko ba komi, kusan rabin mashin nawa na."

"Ko taya ba taka ba ta, Yaya. An rubuta nan: mashin na Alhaji na har ran da kab biya kuɗɗin ƙarshe. Abin da kab bayar duk haya ta. In ka tsallake mako ukku, yana iya amshe abinai."

"Ba su rubuta kaka ba?"

Naja'atu ta dube shi, tausayi ya hana ta dariya. Ta ce babu kaka a ciki. Ta ce da ya kai kashi uku cikin biyar na jimillar, doka ba za ta bari a karɓe ba sai an je kotu, amma da sauran fiye da dubu ɗari biyu da hamsin kafin ya kai nan. Ta buɗe jaka ta ƙirga abin da ke gare ta, dubu goma sha huɗu. Ya zaga dangi har magariba. Wa ke da kuɗi a tsakiyar damina? Kowa ya zuba nasa a ƙasa.

Washegari a shago, Alhaji Mamuda bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ba Labbo kujera, ya sa aka kawo masa ruwa.

"Alhaji, ka yi mani haƙuri zuwa kaka. Gerona ya yi kyau, wallahi ka zo ka gani."

"Labbo, ni ma waɗanda sunka ba ni mashinan ga ba su san kaka ba. Ran da kas sa hannu, na hana ka karantawa?"

Bai hana shi ba. Labbo ya zaro makulli ya ajiye a kan tebur. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya kwance igiyar roba da yake ɗaure kaya, domin ita kam da kuɗinsa ya saya. Aka ce ya kwance.

Ya fito bakin titi da igiya a hannu. Lauwali, abokin aikinsa a tasha, ya taka birki a gabansa. Ya dubi igiyar, ya dubi shagon, bai yi tambaya ba. Ya matsa gaba kaɗan a kan mashin, ya bar masa wurin zama.

Labbo ya hau baya. Da suka yi nisa, sai ya tambaye shi.

"Nawa za ni ba ka?"

"Bari dai, Labbo," in ji Lauwali. "Ni ma mako biyu ake bi na."