Shanun Sajo a Layi na Bakwai

Shekarar da cuta ta cinye gyaɗa ce, mutane ba su gama farfaɗowa daga fari ba. A Gumel akwai wani kwamitin taimakon manoma, dattawa shida, wanda wata ƙungiyar agaji ta Turawa mai ofis a Kano take ba kuɗi. Sakatarensu Gudaji ne, malamin firamare, mutum mai sanyin hali. Turawan sun ba shi rikoda da tafireta, suka ce duk zaman da aka yi a ɗauka a kaset, ya taƙaita musu da Turanci a shafi biyu, a haɗa da kaset ɗin a aika. Surutu ya zubar yadda ya ga dama, amma kuɗi ko kwabo kada ya motsa.

To, ranar nan ya zauna a zaurensa da hantsi, ya kunna. Gaishe-gaishe ya wuce su. Gardamar wanda zai gyara rufin sito ta ci rabin kaset, ya mai da ita layi ɗaya. Sai ga muryar ma'aji, Ɗanmalam, yana karanto lissafi. Nan Gudaji ya riƙa tsayarwa, ya rubuta, ya mayar baya ya sake ji.

An karɓi naira dubu shida. Shanun noma, bibbiyu ga manoma goma sha biyu, dubu uku da ɗari uku da sittin. Garmuna ɗari biyar da arba'in. Iri ɗari tara. Saura dubu ɗaya da ɗari biyu a banki. Ya haɗa, ya fita daidai. Kowane manomi bashin ɗari uku da ashirin da biyar ke kansa, zai biya cikin kaka uku.

Aka zo kan mutum na bakwai, Sajo na Sule Tankarkar, wanda ya rasu bayan girbi. Ya biya ɗari da biyar, saura ɗari biyu da ashirin. Sajo kuwa mijin Safara'u ne, yayar Gudaji uwa ɗaya uba ɗaya.

Muryar shugaba, Alhaji Ɗantsoho, ta fito: "Wannan ai an yafe. A bakin kabari liman ya tambaya wa ke bin mamaci, na ce kwamiti ya yafe. Jama'a sun ji."

Ɗanmalam ya ce, "Alhaji, da kuɗin wa ka yi kyautar? Takardar da muka sa wa hannu ta ce in mai bashi ya rasu, magaji bai ɗauka ba, shanu su koma hannun na gaba a layi. Ga Ubale can a Gagarawa yana jira tun bara."

"Sai in bar bawan Allah a kan makara ina karanta takardar Bature?"

"Ka ce ka ɗauka a wuyanka mana. Bakinka ne ya fi aljihunka nauyi."

Aka yi dariya. Wani ya ce a yi karo-karo, wani ya yi tari, wani ya ce ai lokacin azahar ya yi. Sai ƙarar takalma, kaset ya ci gaba da juyawa babu kowa. Ba a yanke komai ba.

Gudaji ya daɗe yana kallon takarda. In ya rubuta an yafe, ƙarya ya yi wa kwamiti, don baki ɗaya ne ya faɗa, ga kaset kuma zai bi rahoton. In ya tsallake layin, jimillar bashi ba za ta haɗu ba, ɗari biyu da ashirin za su yi ɓatan dabo, kuma a wuyan Ɗanmalam za a neme su. In ya rubuta yadda yake, shanu sun tafi. Shi kuwa albashinsa ya riga ya ci rabinsa wurin mai hatsi.

Ya hau keke ya je gidan Alhaji Ɗantsoho. Ya same shi a ƙofar gida yana tsince gyaɗar da ba ta yi ƙwaya ba.

"Alhaji, layi na bakwai ne ya hana ni gamawa."

"Malam, ai taƙaitawa aka ce ka yi. Ka taƙaita shi ya fita."

"Magana ake taƙaitawa, ranka ya daɗe. Wannan kuɗi ne."

"To ka zuba shi cikin kuɗin iri. Wa zai ƙirga ƙwayar gero?"

"Rasit ɗin iri yana Kano, ɗari tara cif."

Alhaji ya watsa ɓawon da ke hannunsa. "Da gyaɗa ta yi, wallahi da ban bari an kai ga zama ba. Ni ma Alhaji Kawu na bina kuɗin taki. Rubuta abin da ka ji, ka kawo in sa hannu. Kunyar tawa ce."

Ranar kasuwa Gudaji ya shiga mota zuwa Sule Tankarkar. Safara'u ta fita takaba ba da daɗewa ba. Tana tsakar gida tana ba shanun dusa, wani fari da wani mai roɗi-roɗi, sun yi kyau fiye da mutanen gidan. Damina saura kaɗan, 'ya'yanta mata ne huɗu, shanun ne noman gidan, su ne kuma ɗan abin da ake samu in an yi wa maƙwabta huɗa.

Ya gaya mata komai, yana kallon ƙasa. Ya ce, "Yaya, in kin yarda ki ɗauka a matsayin magajiya, sai ki biya ɗari da goma bana, ɗari da goma baɗi."

Ta ce, "Wato tun da aka rufe shi, da bashi yake kwance?"

"Alhaji da kyakkyawar niyya ya faɗa."

"Ba niyyarsa nake tambaya ba, Gudaji. Ana bin Sajo ko ba a binsa?"

"Ana binsa."

"Ni kuma kullum ina cewa Allah ya hutar da shi." Ta goge hannu a zane. "In na ɗauka, gero ya ƙi, na kwanta ni ma, wa zai tashi ya yafe? Alhaji kuma? In shanun suka tafi, ya fita?"

"Ya fita. Amma ɗari da biyar ɗin da ya biya ba za su dawo ba, ladan aikin shanu ake lissafa su."

Ta ce, "Ashe har Turawan sun san lada."

Ya ce zai nemi rance a Maigatari wurin surukinsa. Ta dube shi irin kallon da take masa tun yana ƙarami. "Na auren naka ka gama biyansa?"

Ya dawo Gumel ya buga rahoton. Layi na bakwai jimla uku ya ci: marigayi Sajo ya biya naira ɗari da biyar, saura ɗari biyu da ashirin, shugaba ya furta yafewa a wurin jana'iza, ma'aji ya nuna yarjejeniya ba ta ba da dama ba, kwamiti bai yanke shawara ba. A ƙasa ya so ya ƙara roƙo, sai ya tuna ba wanda ya yi roƙon a kaset. Ya rubuta shi a wata takarda daban da sunansa shi kaɗai. Alhaji ya sa hannu bai ce a fassara masa ba.

Amsar Turawan ta zo daga Kano kafin ruwan fari. Sun yaba da tsabtar lissafi, sun yi ta'aziyya, sun ce a bi yarjejeniya.

Ubale ya zo daga Gagarawa da igiya sabuwa, yana ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Safara'u da kanta ta kwance su, ta gaya masa farin ba ya son a tsaya masa ta hagu. Gudaji yana tsaye a bakin zaure da takardar da za ta dangwala wa yatsa.

Da suka ɓace a kwanar masallaci ta juyo. "Saura naira bakwai da maƙwabcinmu Dogo ke bin Sajo, kuɗin harawar da shanun suka ci da rani. Wannan ma Turawan naka ne za su biya?"

"A'a, Yaya."

"To kamo mini tunkiyar can in sayar in biya shi, kasuwa ba ta watse ba."