Kowa Ya Ji Kiran Baba

Ƙaramar lauyar ba ta daɗe da fara aiki a ofishin ba lokacin da maigidanta, babban lauya, ya dire mata wani fayil a kan tebur. Wata mai jinya ce ake tuhuma da sakacin da ya jawo mutuwar tsohon da take kula da shi. Tsohon ya faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye, ya kwanta a kan tayil mai sanyi har ta dawo ta same shi. A asibiti ya cika. Rahoton likita ya ce daɗewar da ya yi a ƙasa ta taimaka wajen mutuwarsa.

"Ga bayanan shaidu da mai gabatar da ƙara ya ba mu," in ji maigidan. "Babban ɗan tsohon, matar ɗan, autar gidan, da telan da ke haya a shagon ƙasa. Ga kuma na wadda muke karewa. Ki haɗa mini su wuri ɗaya, in ga inda bakinsu ya zo ɗaya da inda ya rabu."

"In nuna wanda yake ƙarya, ranka ya daɗe?"

"Ke alƙali ce? Ki sa abin da kowa ya faɗa da kalmominsa, da shafi da sakin layi. Ki nuna ko gani ya yi, ko ji, ko gaya masa aka yi. Wanda bai ce komai ba ki rubuta shiru ya yi, kada ki mayar mini da shirunsa ya zama musantawa."

Ta buɗe kwamfuta ta ja jadawali. Kowane shaida da ginshiƙinsa, kowace tambaya da layinta. Babban ɗan ginshiƙi biyu ta ba shi, don sau biyu ya yi bayani: ɗaya ranar da abin ya faru, ɗaya bayan an yi jana'iza hankali ya dawo jiki.

Layin farko, yaushe mai jinyar ta fita? Ɗan ya ce kafin abincin rana. Matarsa ta ce bayan an ci. Auta ba ta ga fitarta ba. Tela ya gan ta da idonsa, tana sauri, da takarda a hannu, amma bai duba agogo ba. Wannan bai dami lauyar ba. Mutane kan manta lokaci ko da gaskiya suke faɗa.

Layi na biyu, wa ya aike ta? Mai jinyar ta ce matar gidan, wato matar ɗan, ita ce ta tura ta kantin magani. Matar ta ce ita ba ta aiki kowa ba. Ɗan, a bayaninsa na farko, ya ce, "Matata ta aike ta sayo magani." A na biyu ya ce, "Ba wanda ya aike ta, yawonta ta tafi." Auta ta ce ta ji an ce fita ta yi ba izini, kuma matar yayanta ce ta gaya mata. Lauyar ta taɓe baki, ta sa alamar saɓani, ta rubuta kusa da na Auta cewa labari ne aka ba ta.

Layi na uku bai yi mata daɗi ba. A ina aka bar tsohon? A nan mai jinyar da bakinta ta ce ta zaunar da shi a kujerar banɗaki, ta ja ƙofa, ta ce wa matar gidan ta leƙa shi. Matar ba ta ambaci wannan ba, ba ta kuma musa ba, don ba a tambaye ta ba.

Ta kai wa maigidan. "Wannan layin ai mu yake cuta. In ɗan sassauta shi?"

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "Ki sassauta wa wa? Ni zan karanta. In kin ɓoye mini, mai gabatar da ƙara zai tuna mini a gaban alƙali. Bar shi yadda ta faɗa."

Ta koma teburinta da kunya. Ta ci gaba da bin takardun sakin layi bayan sakin layi, tana sa alama a kan duk wanda ta riga ta shigar, don kada wani ya tsallake ta. Da ta gama sai ta tarar kowane bayani ya rage da jimla ɗaya ko biyu da ba su da gurbi a jadawalin. Ta jera su ta karanta.

Ɗan ya ce, "Ina falo ina kallon ƙwallo, na ji Baba yana ta kiranta, ba ta amsa ba." Matarsa ta ce, "Har kicin ina jiyo shi yana kwala mata kira, wai ita tana can tana gantali." Auta ta ce, "Ɗakina yana jikin banɗakin, ya yi ta kiranta har muryarsa ta dushe." Tela ya ce, "Tagar banɗakin tana saman shagona. Na ji tsoho yana kira, na ɗauka ai gida cike yake da mutane."

Kowannensu ya faɗi wannan ne don ya tabbatar mai jinyar ba ta nan. A cikin bayaninsa shi kaɗai, jimlar tana nuna laifinta ne kawai. Da aka jera su a layi ɗaya kuwa, lauyar ta ga ashe dukkansu sun ji kiran. Ta ture kofin shayinta gefe. Ta ƙara layi: wa ya je? Ta sake bin takardun daga farko. Babu wanda ya ce ya je. Babu wanda ya ce bai je ba. Ta rubuta shiru a gurbi bayan gurbi, sai a na mai jinyar kaɗai ta sa cewa ita ta ɗaga shi da ta dawo.

Maigidan ya karanta a tsaye. Da ya gama ya ce, "Subhanallahi. Bango ɗaya tsakaninsa da 'yarsa."

Da suka kira mai jinyar ofis don su tabbatar da bayaninta, ta zauna a bakin kujera da jaka a cinya. Mace ce mai manyan shekaru, hannuwanta duk sun bushe da wanki.

"Mama, me ya sa kika bar shi a banɗaki?" lauyar ta tambaye ta.

"'Yar nan, yakan daɗe a ciki, kuma ba ya son a tsaya masa a kai. Uwargida ta ce ciwon kai zai kashe ta, in yi maza. Na ce ta leƙa shi. Da na sani da na mayar da shi gado tukuna. Wannan kam ba ni da bakin magana."

"Ba sa zuwa in ya kira?"

Ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Ɗakin yana wari, in ji su. Daga bakin ƙofa suke gaishe shi."

Ranar shari'a maigidan ya ajiye jadawalin a gabansa, ita kuma tana gefensa da asalin bayanan, tana miƙa masa shafin da ya nema. Babban ɗan ya hau akwatin shaida cikin kaya masu tsada, yana share ido da hankici. Maigidan ya fara karanta masa bayaninsa na farko da na biyu, ya tambaye shi wanne kotu za ta ɗauka. Ya ce ranar farko a ruɗe yake.

"To. Ka ce ka ji mahaifinka yana kira?"

"Na ji, har yanzu muryar tana kunnena."

"Sai ka hau sama?"

"Ai ba ni yake kira ba. Ita yake kira."

"Ka hau sama?"

"Na ɗauka ƙanwata za ta duba. Ita ce kusa."

Daga bencin baya Auta ta miƙe. "Yaya, kada ka soma! Kai ne babba!" Alƙali ya buga tebur, ya ba da umarni a fitar da ita tunda ba ta ba da shaida ba tukuna, bai ma kamata ta kasance a ciki ba.

Matar ɗan, da aka zo kanta, ta ce hannunta yana cikin aiki, kuma surukinta ne, ta yaya za ta shiga masa banɗaki? Da aka tambaye ta ko mai jinyar ta ce ta leƙa shi, ta ce ba ta tuna ba. Da aka tambaye ta ko ta gaya wa mijinta ya hau, shi ma ba ta tuna ba. Auta ta ce ta saba jin kiran, kullum haka yake yi, shi ya sa ta ƙara sautin rediyo. Ta faɗi wannan ba tare da ta ji wani abu ba, sai da ta ga magatakardan kotu ya ɗago ya kalle ta.

Tela kaɗai ya sunkuyar da kai. "Da na buga musu ƙofa," in ji shi. "Ban buga ba."

A hukuncinsa alƙali ya ce mai jinyar ta yi kuskure da ta bar tsoho mara ƙarfi a banɗaki. Amma an aike ta ne, ta bar shi a gida da manya uku, kuma daɗewar da likita ya ambata ba a wuyanta take ba. Ya sallame ta. Game da 'ya'yan ya ce ba su ne a gabansa ba, amma ya ji abin da suka faɗa. Ba a tuhumi kowa a cikinsu ba. Mai jinyar kuwa kamfanin da ke tura ta gidaje ya riga ya cire sunanta, kuma bai mayar ba.

A barandar kotu lauyar tana haɗa takardu sai ta ji ƙamshin turare a kanta. Auta ce, ta sha kwalliya, idonta a bushe.

"'Yar'uwa, sannu da aiki. Wannan takardar da kuke dubawa, mai layi-layi, ko zan sami kwafi?"

"Me za ki yi da ita?"

"Za a yi taron dangi. So nake kowa ya ga Yaya ya canza magana, matarsa kuma ita ta aiki matar nan. Ai duk yana ciki, ko?"

"Yana ciki. Naki ma yana ciki."

"Nawa ai sai a cire. Ba a kwamfuta yake ba?"

Lauyar ta dube ta sama da ƙasa. A bayanta, can wajen matakala, yayan da matarsa suna musu ƙasa-ƙasa, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa.

"Takardar aikinmu ce, ba ta fita," ta ce. Ta zuge jakarta, ta ratsa ta gefen Auta tana kauce wa kada kafaɗarsu ta haɗu, ta je ta kama hannun mai jinyar suka sauka tare.