Tsakuwar Yaya Saudatu

Tunda idon Yaya Saudatu ya koma ruwan ɗorawa, kowa a unguwar Wunti ya zama likita. Maƙwabta suka ce shawara ce, aka shiga ɗura mata jiƙe-jiƙe safe da yamma, har ta kasa taka keken ɗinkinta. Ƙanenta Musaddiq, wanda shi ne likitan gaske, sai a ƙarshe aka tuna da shi.

Mijinta Sabitu ne ya kawo ta asibiti, yana riƙe da hoton ciki da aka yi mata a wani shago, bakinsa har kunne.

"Dakta, an gano! Tsakuwa ce a matsarmama. A yanka a cire, mu koma gida."

Allah ya sani, Musaddiq ya fi shi son hakan ta tabbata. Tsakuwa in ta toshe hanyar ruwan matsarmama, abu ne da hannu ke iya kaiwa gare shi. Wannan matar ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da allura da zare ta kai shi jami'a. Ya aika jininta ɗakin gwaji yana addu'ar a ce toshewa ce.

Da sakamako ya fito, kallo ɗaya ya yi masa ya gane ba toshewa ba ce. Amma ɗan Adam da son zuciya, sai ya ɗauka ya nufi ofishin Dakta Roda, babbar likitar sashen, ko za ta ga abin da bai gani ba.

"Ma, ki duba mini. Akwai tsakuwa a hoton."

Ta gyara gilashi. "Musaddiq, ni kake so ka ruɗa ko kanka? In hanya ce ta toshe, waɗanne sinadarai za su hau a jini?"

"ALP da GGT," ya amsa ƙasa-ƙasa, kamar ɗalibi.

"To ga ALP, da ƙyar ya wuce iyaka. ALT fa?"

Ya sake duban lambar ALT ɗin. Abin da bai kamata ya wuce arba'in ba ya haura dubu biyu, AST na biye da shi. Su biyun a cikin ƙwayoyin hanta suke zaune, ba sa malalowa cikin jini haka sai ƙwayoyin na fashewa.

"Amma tsakuwa in tana wucewa takan ɗaga ALT," ya ce.

"Takan yi, da ciwon ciki mai tsanani, kuma nan da nan ya sauka. Yayarka ta yi ciwon? Dubi hoton da kyau, hanyar ba ta kumbura ba ko kaɗan. Tsakuwar nan zamanta kawai take a jakar matsarmama, ba ta tare wa kowa hanya ba. Ga cutar hanta ta B a jininta, ga abin da aka ɗura mata a kai."

Saura dabara ɗaya. Jinin Saudatu ba ya daskarewa da wuri, kuma toshewa ma na jawo haka, don tana hana hanji tsotse bitamin K. In an yi allurarsa jinin ya gyaru, hanta na da sauran ƙarfi. Sabitu ya yi tsalle ya dire, wai mai shawara ba a yi masa allura, kowa ya sani. Da lallashi da rantsuwa aka samu ya yarda.

Jinin bai gyaru ba. Aka fara mata maganin cutar, aka sa ruwa, aka yi duk abin da littafi ya ce. Da aka maimaita gwaji, Sabitu, wanda zuwa yanzu ya haddace haruffan, ya tare shi a baranda da murna.

"Dakta, ALT ɗin ya sauka! Ƙasa da rabi! Yanzu sai a yi tiyatar ko?"

Musaddiq ya riga ya ga sakamakon. Lambar ta sauka ne don ƙwayoyin da za su fashe sun kusa ƙarewa. Idon ya ƙara rinewa, jinin ya ƙara tsinkewa.

"Yaya Sabitu, babu tiyata. Ko an cire tsakuwar ba abin da zai canza. Hantar ce ta gaza, sabuwa take buƙata."

"To a sa mata mana. Ga tawa."

"Ba a yi a nan. Inda ake yi kuwa, jikinta ba zai kai ba."

Sabitu ya zame ya zauna a ƙasa. Musaddiq bai taɓa jin karatunsa ya zame masa banza irin na ranar ba. Ya san sunan kowace lamba, ya san abin da gobe za ta kawo, kuma babu ko ɗaya da zai iya tarewa.

Ya shiga ɗakin da Saudatu ke kwance. Ya ce ta miƙe hannuwa, suka riƙa kaɗawa kamar fiffiken kaza, alamar gubar da hanta ta kasa tacewa ta kai ƙwaƙwalwa. Ta lalubi mayafi ta rufe kai, irin yadda take yi wa baƙo.

"Sannu, Yaya. Ya jikin?"

"Da sauƙi, likita." Ta ƙura masa ido, cikin ladabi. "Don Allah ka taimaka a kira mini ƙanena Musaddiq. Shi ma likita ne. In ya zo zai san abin yi."