Kujera Ɗaya a Jirgin Yamma

Jirginsu ya sauka da lattin awa biyu. Kafin ungozoma ta ja mahaifiyarta Inna su isa ƙofar jirgi na biyu, an rufe, wurin wayam sai mai goge tayil.

Inna ba ta ganin komai sai inuwa. Tun daga gida take riƙe da bakin gyalen 'yarta, ko banɗaki ba ta saki. Gobe da ƙarfe takwas na safe za a yi mata aikin ido, layin da suka shekara suna jira.

"Mun shiga?" in ji Inna.

"Saura kaɗan, Inna."

Ungozoma, wadda haihuwar gardama ba ta firgita ta, sai ga shi ta kasa zaro fasfo daga jaka. Tsoro ne ya kama ta, na gaske. Ta bi allunan har teburin masu canjin jirgi, inda layi ya yi gwiwa biyu, kowa na kumfar baki.

Ma'aikaciyar ta karɓi fasfo da katin shiga jirgi, ta danna kwamfuta.

"Tikitinku a haɗe yake, kuma lattin namu ne, za mu sauya muku kyauta. Ina 'yar takardar kaya?"

Ta miƙa. Matar ta ce akwatunan za su bi sabon jirgin, sannan ta yi shiru tana kallon kwamfutar. Ungozoma ta san irin wannan shirun, ita ma tana yi wa dangin mai naƙuda.

"Akwai jirgin yamma, amma kujera ɗaya ta rage. Na gaba sai gobe da azahar."

"Baiwar Allah, ba ta gani fa!"

"Zan tabbatar wa Mama kujerar, in rubuta a tura ta a keken guragu har inda za a tarbe ta. Ke in sa ki a jerin jira. In wani bai zo ba, ki shiga. Akwai mai tarbarta?"

"Ƙanena."

"To, kira shi."

Da yamma mai tura keke ya zo. Masu keke ake fara shigarwa, 'yan jira kuwa sai kowa ya gama shiga.

"Tare za mu, ko?" in ji Inna.

"Ki yi gaba, ina bayanki."

Ungozoma ta yi ta ɓamɓare yatsun tsohuwar daga gyalen, suka ƙi. Sai ta zare shi daga kafaɗarta, ta bar mata.

Ta tsaya tana kallon fasinjoji, tana roƙon Allah, ba kunya, ya makarar da ko mutum ɗaya. Na ƙarshe ya iso da gudu, yana haki, yana dariya.

Aka ja ƙofar. Can cikin jirgin, ta sani, Inna na jan gyalen tana tambaya ko sun zauna.